Wata Talatin da Shida na Aikin Dabbobi

Maigidana ne ya fara ganin sanarwar. Ya je biron perfe, wato ofishin shugaban gundumar Dungas, don wata takarda ta sito ɗinsa na hatsi, ya tarar an manna ta a allon bakin ƙofa, ya ɗauko mini hotonta da waya. Wani shiri ne na gwamnati na tallafa wa kiwo yake neman ma'aikatan karkara, waɗanda za su riƙa bin ƙungiyoyin makiyaya da na mata masu awaki a cikin ƙananan hukumomin Magaria da Dungas. A lokacin na daɗe a zaune. Ƙungiyar yaƙi da tamowa da na yi wa aiki shekara uku ta tattara ta bar yankinmu, na koma soya ƙuli da tatsar man gyada da ƙanwar mijina, takardar difloma ta kiwo da na samo bayan na gama makarantar koyon aikin gona tana ƙasan akwati tare da zannuwan biki.

Ina da sebe, wato takardar nan da mutum yake jera karatunsa da ayyukan da ya yi. Shafi uku ce, wani mai buga takardu a Damagaram ya tsara mini ita da hotona a kusurwa, kuma ina ji da ita. Na ɗauka zan kakkaɓe ta ne kawai in sa a ambulan. Sai da na ƙara girman hoton sanarwar na ga an rubuta a ƙasa cewa ba za a karɓi sebe irin ta kowa ba. Akwai tasu takardar cikewa, kuma duk dosiye, wato tarin takardun mai nema, da aka buɗe ba a gan ta a ciki ba, cikakkiya da sa hannu a kowane shafi, za a ajiye shi gefe ba tare da an karanta ba. Maigida ya koma washegari ya karɓo mini ita ya yi fotokopi uku.

Na zauna da ita a tsakar gida da hantsi. Gida-gida aka yanka ta. Kowane aiki yana da layinsa: sunan ma'aikata, sunan muƙami, watan farawa da shekara, watan gamawa da shekara, jimillar watanni, wurin aikin, sai wani ɗan gurbi na layi uku da aka ce a rubuta ainihin abin da mutum yake yi, sannan lambar takardar shaidar da aka haɗa. Ayyukan kuma an raba su kashi biyu, aikin raya karkara kowane iri a wani tebur, aikin da ya shafi kiwo kai tsaye a wani tebur daban. Shafi na ƙarshe shi ne barem, yadda za a ba da maki. Na karanta shi sama-sama, na ɗauki alƙalamin bik na cika kofi ɗaya kafin azahar. Na zuba aikin tamowa a layin farko na teburin biyu duka, domin shi ne babban aikin da na taɓa yi, shi ne wanda har mota ake tura mini.

Da la'asar na kai wa kawuna, yayan mahaifiyata. Ya yi shekaru yana sakatare a ma'aikatun gwamnati a Magaria da Matamaye kafin ya yi ritaya ya dawo gonarsa, kuma ya sha zama cikin kwamitin buɗe dosiye yana rubuta musu rahoto. Na same shi ya dawo daga noma, ƙafarsa duk ƙasa, yana zaune bisa tabarma a zaure. Bayan mun gaisa ya sa aka ɗauko masa tabarau. Bai fara da abin da na rubuta ba, shafin barem ya juya ya karanta da yatsa har ƙasa. Sannan ya dawo shafin farko.

"'Yar nan, ke kin ba su labarinki ne," in ji shi. "Su kuwa ba labari za su saurara ba. Mutum biyar ne a ɗaki da tarin ambulan, ɗaya yana karantawa, ɗaya riƙe da wannan shafin yana sa maki. Abin da bai shiga gurbinsa ba, ko ya kai tsaunin Damagaram girma, sifiri ne."

Ya sa na karanta masa barem ɗin da ƙarfi, layi bayan layi. Difloma maki ashirin. Aikin raya karkara gaba ɗaya maki goma sha biyar ga wanda ya kai shekara biyar. Aikin kiwo kai tsaye maki arba'in, amma sai mutum ya cika shekara uku kafin a fara ba shi ashirin da biyar, kowace shekara a sama kuma a ƙara biyar. Sanin yankin goma, harsunan yankin goma, iya aiki da na'ura biyar. Wanda ya samu saba'in za a kira shi ganawa. A gefen layin aikin kiwo akwai wata 'yar tauraruwa da ban kula da ita ba, bayaninta yana can ƙasa da ƙananan haruffa: wanda bai cika wata talatin da shida ba an fitar da shi, komai makinsa a sauran wurare. Kawu ya tambaye ni abin da nake yi a aikin tamowa. Na ce awon damtsen yara, koya wa iyaye mata dama kunu mai gina jiki, tura masu tsanani likita. Ya ce to ina akuya a ciki? Na yi dariya, amma da na cire aikin nan daga tebur na biyu sai ya zama fayau.

Shi ne ya riƙa ciro mini ayyukan daga baki kamar mai tsintar ƙaya. Kafin tamowa na yi wa wata ƙaramar ƙungiya aiki a ƙauyukan Mallawa, irin rancen awakin nan da ake ba mace uwar akuya, in ta haihu ta yaye ta miƙa wa ta gaba. Ni ke bin matan, in duba lafiyar awakin, in ba da maganin tsutsar ciki, in koya musu haɗa dusa da kowar wake da gishirin lasa. A sebe ɗina layi ɗaya na ba wannan aiki, don albashinsa bai taka kara ya karya ba kuma a bayan kabu-kabu na yi shi. Shekara biyu da wata biyu ne. Sai kuma rigakafin dabbobi na shekara-shekara da ma'aikatar kiwo take yi lokacin sanyi, wanda aka ɗauke ni sau uku, wata biyu-biyu, ina cikin masu yi wa tumaki da awaki allura. Wannan ko ambatonsa ban yi ba a sebe.

Na yi lissafi na ce wata talatin da biyu. Kawu ya ce in kawo takardun shaidar. Da muka jera su washegari sai ya nuna mini cewa rigakafi na farko ya faɗo a cikin watannin da nake aikin Mallawa, ƙungiyar ce ma ta ba da aro na. Kwamiti ba ya ƙirga wata ɗaya sau biyu. Ya zama talatin cif. Akwai kuma wata matsala: takardar shaidar da ƙungiyar Mallawa ta ba ni cewa kawai ta yi na yi aikin animatris, mai wayar da kai, daga wata kaza zuwa wata kaza. Babu kalmar kiwo ko ɗaya a cikinta, kuma ƙungiyar ta daɗe da rufewa. Wannan dai ta zo da sauƙi. Sanarwar ta yarda da takardar shaida ko kwantiragi, kuma da na zazzage akwati na samu kwantiragina na wancan lokacin, ya yi ja don tsufa, shafinsa na biyu ya jera ayyukana ɗaya bayan ɗaya, har da bin lafiyar awaki. Kawu ya ce in haɗa su biyun a ƙarƙashin lamba guda.

Saura wata shida, kuma ba ni da inda zan samo su. Kwana biyu ina aikin gida hankalina ba ya wurin. Ƙuli ya ƙone mini sau ɗaya. Wata ƙawata da muka yi aikin tamowa tare, ita ma tana neman wannan aiki, ta zo muka zauna. Shawararta ita ce in ja watan gama aikin Mallawa gaba kaɗan a takardar cikewa, ta ce wa zai tsaya duba watanni cikin dosiye ɗari. Na gaya wa Kawu ba don na yarda ba, don dai in ji abin da zai ce. Ya ce watannin su ne abu na farko da ake dubawa, domin su ne mafi sauƙin dubawa: a ɗora takardar cikewa kusa da ta shaida, in suka saɓa an gama. Ya kuma nuna mini jimlar da ke saman wurin sa hannu, inda mutum yake rantsuwa da mutuncinsa cewa abin da ya rubuta gaskiya ne.

Mahaifiyata ce ta tuna, ita da ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Na je gaishe ta ina ba ta labari, sai ta ce ai akwai lokacin da nake fita kullum da safe zuwa gidan likitan dabbobi ba a biyana ko sisi, tana faɗa ina dawowa da warin tunkiya. Gaskiya ne. Bayan na karɓi difloma na nemi a bar ni in ƙara gogewa a ma'aikatar kiwo ta Dungas, aka ba ni izini a rubuce, na yi wata takwas ina taimakawa a wurin duba dabbobi da mahauta da kasuwar bisashe. Ban nemi takardar shaida ba da na tashi, domin aikin Mallawa ya zo da gaggawa kuma a ganina wannan ba aiki ba ne. Na koma na karanta sanarwar da kyau. Ta ce koyon aiki na cikin karatu ba ya shiga lissafi, amma wanda aka yi bayan difloma yana shiga in akwai shaidar hukuma.

Shugaban ma'aikatar na wancan lokaci an daɗe da mayar da shi Magaria. Maigida ya ɗauke ni a babur muka tafi. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya ta yi tabkuna, wani wuri sai in sauka in tattare zane in bi gefen gonar gero shi ya tura babur ɗin. Muka samu tsohon shugaban a biro, gemunsa ya yi fari. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni ya dube ni, sai ya ce ba ke ce wadda bunsurun nan ya tunkuye ta a kasuwa ba? Ni ce. Ya yi dariya har da hawaye. Amma da na faɗi buƙatata ya girgiza kai.

"Madam, na shaida kin yi, amma hannuna ba shi da amfani a gare ki yanzu. Kashen Dungas, hatimin ma'aikatar, yana hannun wanda ya gaje ni. In na sa miki nawa na nan, kwamiti zai ce Magaria ba ta san aikin da aka yi a Dungas ba, kuma suna da gaskiya."

Ya ɗauki waya a gabanmu ya kira magajinsa, ya yi masa bayani, ya gaya masa shekarar da kuma cewa akwai takardar izinin da aka yi mini, kofinta yana cikin ajiyar ma'aikata. Muka juyo Dungas ran nan. Sabon shugaban saurayi ne mai tsare gida. Ya ce ba zai sa hannu a kan maganar baki ba, ko ta wane ne, sai ya ga takardar izinin da idonsa, in dawo jibi. Na fita raina a jagule, ina ganin kamar wulaƙanci ne. Da na dawo jibin na tarar ya sa an nemo ta, ya kuma riga ya buga takardar shaidar. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ya tambaye ni ko don aikin shirin kiwon nan nake nema, da na ce eh, sai ya karɓe ta ya sa aka sake bugawa, aka ƙara layi biyu masu faɗin ayyukan da na yi, maimakon watanni kawai. Ya sa hannu ya buga kashe. Na fito bakin ƙofa na tsaya ƙarƙashin iccen bedi ina karanta ta. Talatin da takwas.

Sauran aikin na haƙuri ne. Na kai fotokopin difloma da shaidu da kwantiragi meri, ofishin magajin gari, aka buga musu tambarin cewa daidai suke da na asali. Takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa ina da su. Ta rashin laifi kuwa, kaziye, wadda nake da ita ta wuce wata ukun da aka ƙayyade, sai da na sake nemo sabuwa a gidan shari'a na Magaria. Sannan muka zauna da Kawu a kan kofi na biyu da fensir.

Gurbin nan mai layi uku ya fi komai ba ni wuya. Ni na saba rubuta cewa na yi aiki da himma tare da al'umma. Kawu ya ce in buɗe sanarwar wurin da suka jera ayyukan muƙamin, in dubi kalmominsu, in ga wanne ne na taɓa yi da hannuna, in rubuta shi da irin kalmar da suka kira shi. Sun ce bin ƙungiyoyin mata masu ƙananan dabbobi, na yi a Mallawa, na rubuta haka na ƙara yawan ƙauyukan. Sun ce rigakafi da maganin tsutsa, na rubuta. Sun ce koyar da haɗa abincin dabbobi, na rubuta. Sun ce sasanta rikicin burtali tsakanin manoma da makiyaya, wannan ban taɓa yi ba, na bar shi. Aikin tamowa ya koma tebur na farko, inda ya taimaka na haura shekara biyar. A gurbin sanin yanki na jera sunayen ƙananan hukumomin da na yi aiki a ciki, kowace da lambar shaidarta, maimakon in ce ni 'yar Dungas ce in yi shiru. A gurbin harsuna, Hausa maki biyar ce, Fulatanci ko Barbarci biyar. Na ce wa Kawu ai ina jin Fulatanci. Ya gaishe ni da shi na amsa, ya ƙara wata tambaya na tsaya ina kallonsa. Na sa alama a gurbin "kaɗan". Na'ura kuwa ina iya buga rahoto, amma ba ni da takarda, na san maki biyar ɗin nan sun tafi. Da muka haɗa, saba'in da biyar ya ba mu, in kwamiti ya gani yadda muka gani.

Kofi na uku na cika da baƙin bik da manyan haruffa kamar yadda aka ce, a ɗakin Kawu, ya hana jikokinsa shigowa. Ba a yarda da gogewa ko kankarewa ba, don haka kowace kalma sai na dube ta a kofin fensir kafin in rubuta. Na sa hannu a ƙasan kowane shafi, na rubuta lamba a kusurwar kowace shaida da fensir, na jera su yadda sanarwar ta jera. A bayan ambulan sunan muƙamin kawai aka ce a rubuta, da cewa kada a buɗe sai a zaman kwamiti.

Na kai shi biron shirin a Magaria ana saura kwana biyu a rufe. Sakatariyar ba ta buɗe ba, ba ta ma tambaye ni abin da ke ciki ba. Ta ba shi lamba, ta rubuta ni a rajista na sa hannu, ta yago mini 'yar takardar shaidar karɓa. Abin da ya cinye mini sati uku ya bar hannuna cikin ɗan lokacin da bai isa a sha ruwa ba. Na fito a gajiye. Na tafi gidan gwaggona da ke unguwar bayan tasha, ta zuba mini fura, na kwanta a tabarmarta da rana tsaka na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Sakamakon bai fito ba sai da aka fara yankan gero. Wani maƙwabcinmu malamin lakwal ne ya kira maigida ya ce an manna. Na bar tukunya a wuta na tafi biron perfe da ƙafa. Shafi biyu ne, na waɗanda aka kira ganawa da makinsu, da na waɗanda aka fitar da dalilin fitarwa a gaban kowane suna. Na fara da na biyun, ban san dalili ba. Ba ni ciki. Sai na ɗaga kai na ga sunana a tsakiyar na farko, saba'in da biyar, ba ƙari ba ragi. Na ce Alhamdu lillahi na jingina da bango. Can na koma shafi na biyu, domin na ga kamar wani suna da na sani ya gilma. Ƙawata ce. A gaban sunanta an rubuta cewa shaidar aikin kiwo ba ta cika ba. Na bi ta gidanta kafin in koma nawa. Ta riga ta ji, ta yi mini barka da zuciya ɗaya, muka zauna muna ɓarar gyada.

Ganawar ta fi mini sauƙi nesa ba kusa ba. Mutum huɗu ne a tebur, suka tambaye ni alamun ciwon huhun awaki, da abin da zan yi in mace ta sayar da akuyar rance don rashin lafiyar ɗanta, abubuwan da na sha gani da idona. Bayan wata guda aka kira ni in zo in sa hannu a kwantiragi, aka tura ni Mallawa.

Ranar da na je yi wa Kawu sallama na same shi a gona ana ɗaurin dami. Na gaya masa, ya ce madalla, Allah ya sa albarka, ya ci gaba da ja wa damin igiya. Can ya ɗago ya ce akwai wata tunkiyarsa da ta kwana biyu ba ta cin abinci, in biya ta gida in duba masa ita kafin in tafi.